Rajistar zuwa aiki a Excel: yadda ake ƙirga zuwa da rashi ba da yatsa ba

An ɗora mini rajistar zuwa aiki, kuma an ce daga yanzu a Excel zan riƙa yi. Ban taɓa buɗe shi ba. Ta ina zan soma?

Ka soma da gane adireshi. Shafin da ke gabanka ƙananan gurabe ne jere, layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, na kwance kuma suna da lambobi. Gurbin da layin C ya haɗu da layi na 3 sunansa C3. Duk lissafin da za ka yi nan gaba kiran waɗannan sunaye ne kawai.

Sai ka tsayar da doka ɗaya: kowane ma'aikaci layi ɗaya na kwance, kowace rana layi ɗaya na tsaye, kowane gurbi harafi ɗaya. Mu ɗauki Z a matsayin zuwa, R rashi, U kuma uzuri, wato wanda ya nemi izini aka ba shi. Rubuta wannan yadda yake, kalmar "Lamba" a A1, sannan ka ci gaba:

```
Lamba  Lit  Tal  Lar  Alh  Jum
101    Z    Z    Z    Z    Z
102    Z    R    Z    Z    U
103    Z    Z    U    U    Z
104    R    Z    Z    Z    Z
105    Z    Z    Z    R    Z
```

Kada ka bar gurbi babu komai da nufin mutum bai zo ba. Bayan mako biyu kai kanka ba za ka iya tantance ko rashi ne ko mantuwa ka yi ba.

To yaya zan sa ya ƙirga mini kwanakin da kowa ya zo?

A G1 rubuta Zuwa, a H1 Rashi, a I1 Uzuri. Sannan ka shiga G2 ka rubuta:

```
=COUNTIF(B2:F2,"Z")
```

Alamar = ce ke shaida wa manhajar cewa lissafi ne, ba rubutu ba. B2:F2 na nufin daga B2 har F2, wato Litinin zuwa Juma'a ta ma'aikaci 101. Abin da ke cikin alamar zance shi ne abin da za a ƙirga. Da ka danna Enter za ka ga 5. Idan manhajar ta ƙi karɓa, gwada alamar ; a maimakon waƙafin, domin a wasu kwamfutoci saitin yanki haka yake so.

Ba sai ka sake rubutawa sau biyar ba. Koma kan G2, za ka ga ɗan ɗigo a kusurwar ƙasa ta dama. Kama shi da linzami ka ja zuwa G6. Ya kamata ka ga 5, 3, 3, 4, 4. Yanzu danna G4 ka duba abin da ke ciki: ya koma B4:F4 da kansa. Fomular tana sauka tare da layinta.

Aikin gwaji na farko: cike H da I da kanka, ka sauya harafin da ake nema kawai. Rashi zai ba ka 0, 1, 0, 1, 1, uzuri kuma 0, 1, 2, 0, 0. In ka samu haka, ƙirga Z na kowace rana a layi na 7, a nan zangon tsaye zai zama, B2:B6, kuma gefe za ka ja. Alhamis ce kaɗai za ta ba ka 3, sauran duk 4.

Shugabana kashi cikin ɗari yake so. Ba raba zuwa da kwana biyar ba ne kawai?

A nan ne ya kamata ka dakata, domin tambayar ba ta kwamfuta ba ce. Dubi ma'aikaci 103. Ya zo kwana uku, kwana biyu yana da uzuri. Ka raba uku da biyar, ya tashi da kashi 60, daidai da 102 wanda ya yi rashi ba izini. In kuwa ka cire kwanakin uzuri daga lissafi, 103 yana da kashi 100, 102 kuma 75, tun da kwana huɗu ake jiransa ya zo uku. Lambobin duk daidai ne, amma wani zai sha faɗa da ɗaya, ba zai sha da ɗayan ba. Ka tambayi shugabanka wanne ofis yake bi kafin ka miƙa takarda. Ni dai na fi ganin adalci a na biyu, ga shi a J2:

```
=G2/(G2+H2)
```

Kada ka manta da baka biyun. In babu su, manhajar za ta fara raba G2 da G2 sannan ta ƙara H2, ta ba ka shirme ba tare da ta yi ko tari ba. Ja shi ƙasa zuwa J6, sakamakon 102 zai fito 0.75, sai ka zaɓi layin J ka danna alamar % da ke sama.

Akwai ranar da wani zai tafi hutu mako guda cur. Zuwansa sifili, rashinsa sifili, sai ka ga #DIV/0! a gurbinsa, ma'ana an nemi raba lamba da sifili. Maganinsa, sauya fomular J2 da wannan ka ja ta ƙasa:

```
=IF(G2+H2=0,"",G2/(G2+H2))
```

Wato in babu ranar da ake jiransa, a bar gurbin fayau.

Na duba da idona, mutum ya zo kwana huɗu, amma fomula ta ce uku. Wa ke ƙarya?

Galibi babu mai ƙarya, hannu ne ya taɓa maɓallin tazara bayan harafi. Z da tazara a bayanta ido ba ya bambanta ta da Z zalla, amma COUNTIF ba zai ƙirga ta ba. Ƙaramin harafi z ba ya damunsa, tazara ce matsalarsa. In kana zargin D5, rubuta wannan a wani gurbi:

```
=LEN(D5)
```

Ya ce 1, lafiya. Ya ce 2, ka kama ɓarawo.

Amma a rajistar mutum arba'in ba za ka bi gurabe ɗaya bayan ɗaya ba, don haka ka kafa mai gadi. Rubuta 5 a M1, yawan kwanakin aiki ke nan, sannan a K2:

```
=$M$1-(G2+H2+I2)
```

Ja shi ƙasa. Duk layin da ya nuna 0 ya cika, wanda ya nuna 1 akwai gurbi ɗaya da aka manta ko aka ɓata. Alamar $ ɗin nan ƙusa ce. Ka tuna fomula tana sauka da layinta, to in babu ƙusa M1 zai koma M2, M3, gurabe marasa komai, sai ka ga -5 a jere. Gwada cire ta ka gani da idonka, shi ne aikin gwaji na biyu. Amfanin ajiye 5 a gurbi ɗaya kuma, makon da ya zo da ranar hutu ka mayar da shi 4 sau ɗaya, duk layukan su bi.

Ba yadda za a hana kuskuren tun daga farko? Ba ni kaɗai nake cike rajistar ba.

Akwai. Zaɓi B2 zuwa F6, je Data, sai Data Validation. A ƙarƙashin Allow zaɓi List, a Source ka rubuta Z,R,U. Daga nan kowane gurbi zai fito da ɗan kibiya mai zaɓi uku, wanda ya rubuta "ya makara" kuma manhajar ta mayar masa da kayansa. Sai dai shingen yana da kafa: abin da aka kwafo daga wani wuri aka liƙa yana wucewa ba tambaya, shi ya sa layin K zai ci gaba da zama a wurinsa.

Aikin gwaji na ƙarshe: ƙara ma'aikaci 106 mai U duk mako. Kada ka rubuta shi a layi na 7 inda jimillar ranaku take, saka sabon layi tsakanin 104 da 105 ta hanyar Insert, domin zangon B2:B6 ya buɗe ya zama B2:B7 da kansa. Ja fomulolin G zuwa K su rufe sabon layin. In komai ya tafi daidai, J ɗinsa zai zauna fayau, K ya nuna 0, jimillar Alhamis kuma tana nan a 3.