Waiwaye: Me Ya Sa Mai Bincike Ke Tsallake Maigida a Zango?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Ghana, aka fara karanto sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi a rediyo, muhawara kan kaure a majalisun unguwannin Nima da Mamobi na Accra. Wasu su ce ƙarya ce tsagwaronta, domin su ba a taɓa tambayarsu ba. Wasu kuwa an zo gidansu, amma abin da ya ɓata musu rai shi ne yaron da ya zo da na'ura ya gaishe su, sannan ya ce da uwargida zai yi magana. Dattijo yana zaune a kan tabarma, a ce ba shi ake nema ba? Na fahimci zafin abin. Sai dai wannan tsari ya haura shekara 70, kuma inda ya samu rauni yana wani wuri daban da wanda ake nunawa da yatsa.

Farkon labarin sananne ne. A da, akan ba mai tambaya adadi kawai: samo maza kaza, mata kaza, ka zaɓi wanda ka ga dama. Shi kuma ɗan Adam ne, yakan nufi mai sakin fuska da wanda ke kusa. A 1948 manyan ƙuri'un jin ra'ayi na Amurka, masu bin wannan hanya, suka ce Dewey zai kayar da Truman a zaɓen shugaban ƙasa, aka wayi gari Truman ne ya ci. A 1949 Leslie Kish na Jami'ar Michigan ya fito da hanyar cire zaɓin daga hannun mai tambaya. A rubuta manyan gidan duka, maza tukuna daga babba zuwa ƙarami, sannan mata haka. Kowace takardar tambaya tana ɗauke da ɗaya daga cikin jadawali 8, wanda aka liƙa mata tun daga ofis, kuma jadawalin ne ke faɗin lambar wanda za a tambaya.

A ɗauki wani gidan haya a Nima, mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya. Aikin farko shi ne rarrabe iyalai, domin a wajen masu bincike iyali shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya, ko da mutum 30 ne ke shiga ta ƙofa guda. A ce iyalin da aka faɗa a kai manya 4 ne: maigida mai shekara 58, ɗansa mai 24, uwargida mai 47, da ƙanwarta mai 30. Haka za su jeru, 1 zuwa 4. Idan takardar na ɗauke da jadawalin D, a gida mai manya 4 yana nuna lamba 3, wato uwargida. In tana kasuwa, sai a sa lokaci a dawo. An tsara rabon jadawalan ne yadda kowane cikin huɗun zai sami dama ɗaya bisa huɗu, kuma a lissafin ƙarshe amsarta takan ɗauki nauyin mutum 4, ta mai zaman kansa shi kaɗai kuwa nauyin mutum 1. Ba don haka ba, da ra'ayin gwauraye ya rinjayi na manyan iyalai.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne sauyin da ya zo a 1983. A lokacin bincike a Amurka ya koma ta wayar tarho, kuma baƙon murya da ke neman a lissafo masa mutanen gida da shekarunsu yakan sa a kashe waya. Sai masana suka kawo gajeriyar hanya: a nemi wanda ranar haihuwarsa ke tafe nan kusa, kamar yadda Salmon da Nichols suka gwada, ko wanda tasa ta wuce kwanan nan. Tambaya ɗaya, babu jeri, babu jadawali. Ga wayar tarho, dabara ce mai ma'ana. Amma saboda sauƙinta da arharta, sai ta bi masu bincike har ƙofar gida a ƙasashe da dama, inda dalilin ƙirƙiro ta bai ma taso ba.

A duba abin da ya canza. A tsarin Kish, wanda ya buɗe ƙofa sunaye kawai yake bayarwa, takarda ce ke yanke hukunci. A tsarin ranar haihuwa, hukuncin ya koma bakinsa, kuma mai tambaya ba shi da hanyar gane ko ya faɗi daidai. A koma gidan nan na Nima da ƙarfe 11 na safe. Ƙanwar uwargida tana bakin titi tana sayar da waakye tun asuba, uwargida tana kasuwa, saurayin ne a gida. Aka ce, «Wa ya yi ranar haihuwa kwanan nan a cikinku?» Ya san tasa sarai. Ta mahaifiyarsa kuwa, abin da kowa ya sani shi ne ranar Talata aka haife ta, shi ya sa ake ce mata Talatu. Mu da maƙwabtanmu Asante, masu Kofi da Ama, ranar mako muka fi riƙewa, kuma dattawa da yawa kwanan watan da ke katinsu kintace ne. Yaron zai ce «ni ne», ba da niyyar ƙarya ba. Mai tambaya kuma, in da yawan takardun da ya cike ake biyansa, ba zai yi gardama ba. A gida ɗaya wannan ba komai ba ne. A gida dubu, sai a ji muryar masu zaman gida da rana da masu takardar haihuwa, a rasa ta mata 'yan kasuwa da direbobin trotro. Ni a nan nake ganin tushen matsalar: gaggawa da tsimin kuɗin komawa gida karo na biyu.

Ana iya gane an yi haka. A gidaje masu manya 4, ya kamata kowace lamba ta fito kusan sau ɗaya cikin huɗu; in lamba 1 ko wanda ya buɗe ƙofa ne ke yawan fitowa, akwai magana. Akan kwatanta shekaru da jinsin waɗanda aka tambaya da na ƙidayar 2021, kuma shugaban tawaga yakan koma wasu gidaje ya ji da wa aka yi hira.

Akwai masu bin wata hanya. Afrobarometer, mai hedikwata a Accra, tana karɓa-karɓa tsakanin namiji da mace daga hira zuwa hira. Ana rubuta sunayen manyan jinsin da ake nema, a fitar da ɗaya ta hanyar ƙuri'a, kuma in ba a same shi ba bayan an dawo, gidan ake sauyawa, ba a ɗaukar ɗan'uwansa a madadinsa. Yau na'urar hannu kan yi ƙuri'ar da kanta, amma abin da aka shigar mata take zaɓa a ciki. In maigida bai ambaci amaryar ɗansa ba saboda kunya, ko ya manta da ƙanensa mai gadin dare, ko mai tambaya ya rubuta waɗanda ya gani a tsakar gida kaɗai, to damarsu sifili ce, kuma ana yin wannan kuskuren ne a mintuna biyun farko bayan sallama.