Gabatar da sabon kamfani ga masu zuba jari

Gabatar da sabon kamfani ga masu zuba jari taƙaitaccen bayani ne da waɗanda suka kafa kamfani ke yi a gaban masu kuɗi, domin su samu jari su kuma ba da wani kaso na mallakar kamfanin. Galibi ana yin sa da shafuka kaɗan da ake haskawa a allo. Guy Kawasaki, wani mai zuba jari a Amurka, ya yi suna da ƙa'idar 10/20/30: shafuka 10, minti 20, kuma girman rubutu kada ya gaza 30. Sassan da aka saba bi biyar ne, wato matsala, mafita, kasuwa, sakamakon farko da kuɗin da ake nema, kuma lissafi ɗaya ne ke ɗaure su. Adadin da aka faɗa a wani sashe dole ya yi daidai da na sauran.

Matsala da mafita ba sa son dogon zance. A ɗauki misalin kamfanin da ya ƙirƙiro manhajar da ke sanar da mai shagon magani kafin wa'adin maganinsa ya ƙare. Matsalar ita ce mai shago yana ɗauko kwali daga bayan kanta ya tarar da kwanan watan ya wuce, sai zubarwa. Mafitar ta fi kyau a nuna ta tana aiki a waya, a faɗi abin da mai shagon ke amfani da shi a yanzu, ko littafi ne ko ƙwaƙwalwarsa, da dalilin da zai sa ya bar shi.

Sashen kasuwa ne aka fi cika baki a cikinsa. Wasu kan kawo jimillar kuɗin da duniya ke kashewa a kan magani, su ce ko kashi 1 cikin 100 suka samu sun haye. Gogaggen mai zuba jari ba ya yarda da wannan, domin babu wanda ya nuna masa ta inda kashi ɗayan zai fito. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ƙirga daga ƙasa. Idan shagunan da kamfanin zai iya kai wa 20,000 ne, kowane yana biyan dala 15 a wata, to kasuwar dala miliyan 3.6 ce a shekara. Wannan ƙaramar kasuwa ce a idon masu zuba jarin kasada, waɗanda suka san yawancin kamfanonin da suka sa wa kuɗi ba za su kai labari ba, don haka suke neman wanda zai ninka jari sau da yawa. Gara mai kamfani ya riga su ganin hakan, ya nuna inda zai faɗaɗa, misali zuwa dillalan magani.

Sakamakon farko shi ne shaidar abin da ya gabata. Yawan waɗanda suka sauke manhaja ba ya nuna komai sosai. Abin dubawa shi ne wa ya biya, kuma wa ya ci gaba da biya. A misalin nan, shaguna 150 sun fara biya a cikin wata 6, 120 suna nan, kuɗin shiga ya kama dala 1,800 a wata. Za a tambayi dalilin tafiyar 30 ɗin, kuma wanda ya ɓoye su a shafi zai gamu da su a lokacin binciken takardu. Wata alamar rufa-rufa ita ce zanen da ke tara jimilla tun daga ranar farko, tunda irin wannan layi ba ya taɓa sauka ko da ciniki ya mutu.

Kuɗin da ake nema kuwa lissafa shi ake yi, ba a yanko shi. Idan kamfanin zai riƙa kashe dala 25,000 a wata fiye da abin da ke shigo masa, wata 18 za su ci dala 450,000, sai a nemi 500,000 saboda abin da ka iya tasowa. An fi auna wata 18 zuwa 24 saboda neman jari na gaba shi kansa yana cin watanni. Sai a faɗi inda kuɗin zai kai kamfanin, kamar shaguna 1,500 masu biya, wato dala 22,500 a wata.

Kason mai zuba jari ya dogara ga ƙimar kamfanin. Idan an yi masa ƙimar dala miliyan 2 kafin kuɗin ya shigo, bayan shigowarsa ta zama miliyan 2.5, mai zuba jari ya mallaki kashi 20 cikin 100. Idan kuwa miliyan 2 ɗin ƙimar bayan shigowar kuɗi ce, kasonsa kashi 25 ne, don haka ake fayyace wacce ake nufi tun a zaman farko. Ƙananan kamfanoni da yawa kan yi amfani da takardar SAFE, wadda Y Combinator, wata cibiyar renon sababbin kamfanoni a Amurka, ta fito da ita a 2013: ana karɓar kuɗin yanzu, a mayar da shi hannun jari a zagayen neman jari na gaba.