Daga rubutun likita zuwa lambar ICD: yadda ake tsara takardar sallama

Mai sa lambar cuta ba ya ganin majiyyaci. Fayil kawai yake gani, kuma dokar aikinsa ta ɗaure masa hannu: abin da likitan da ya duba majiyyaci ya rubuta da bakin alƙalaminsa, shi kaɗai zai mayar lamba. Ko da sakamakon gwaji yana nuna cuta ƙarara, idan likita bai kira sunanta ba, mai sa lamba ba shi da ikon raɗa mata suna. Shi ya sa kafin a buɗe kundin ICD, mai ɗauke da lambobin cututtuka na duniya, akwai aikin da ake fara yi, wato tsamo jimloli tsayayyu daga cikin tarin rubutun da aka yi tun ranar ba da gado har ranar sallama.

Kundin na Hukumar Lafiya ta Duniya ne. An amince da ICD-10 a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994, sannan ICD-11 ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2022, duk da cewa asibitoci da yawa har yanzu na goman suke riƙe da shi. Da lambobin ICD-10 zan yi misali a nan.

A ɗauka ga fayil ɗin wata mata mai shekara 54. Takardar ranar farko ta ce ta zo da ciwon ciki ta sama a ɓangaren dama na kwana biyu, da zazzaɓi da amai, ana zaton kumburin madaciya ne ko gyambon ciki. A ƙasa an rubuta “ciwon sukari, tana shan metfomin”, sai kuma kalma guda, “shanyewa”. Hoton ciki ya nuna tsakuwa a madaciya, bangonta ya yi kauri. Kwana na biyu aka shiga da ita tiyata. Washegari ma'aunin jininta, wato himogulobin, wanda yake 12.1 da ta zo, ya sauka zuwa 7.8, aka ƙara mata jini leda biyu. Takardar sallama kuwa layi biyu ce: “Ciwon ciki. An cire madaciya. Ta samu sauƙi.”

Duk abin da ke cikin layukan nan gaskiya ne, amma ba a iya yin komai da su.

Tambayar farko ita ce wace ce babbar lalura. Littafi na biyu na ICD-10, wanda ya ƙunshi ƙa'idoji, ya ce ita ce lalurar da aka gano a ƙarshen jinya, wadda ita ce ainihin abin da ya sa majiyyaci ya buƙaci magani ko bincike. Idan sun fi ɗaya, a ɗauki wadda ta fi cin ɗawainiya da kayan aiki. Idan kuma har aka sallame shi ba a gano komai ba, sai a koma ga babbar alamar da ya zo da ita. A lura da “a ƙarshen jinya”. Abin da aka yi zato a ɗakin gaggawa ba shi ne hukunci ba. Gyambon cikin da aka ambata ranar farko, bincike ya kore shi, don haka ba ya shiga jimlar ƙarshe ko kaɗan. Ciwon ciki kuma alama ce, lambarsa R10.1 idan ta sama ne, kuma da zarar an san abin da ya haddasa shi, ya narke cikin cutar. Haka zazzaɓin da aman. Wanda ya sa R10.1 a matsayin babbar lalurar matar nan ya nuna wa duk mai karanta alƙaluma cewa an cire wa mutum madaciya ba tare da an san abin da ke damunta ba.

Rahoton tiyata ne ya ƙunshi amsar, domin likitan fiɗa ya rubuta cewa ya tarar da madaciya a kumbure, kumburi sabo mai tsanani, cike da tsakuwa. Nan ma akwai inda ake zamewa. Wani zai raba abin gida biyu, tsakuwa daban, kumburi daban, ya ba su K80.2 da K81.0. To K80.2 ta tsakuwa ce da babu kumburi tare da ita, K81 kuma a ƙarƙashinta an rubuta cewa ba a amfani da ita idan akwai tsakuwa. Lamba ɗaya ce ta haɗe su, K80.0. Saboda haka jimlar ma dole ta haɗe su: tsakuwar madaciya tare da sabon kumburin madaciya. Kalmar “tare da” tana da aiki a nan, kamar yadda “sakamakon” take da aiki a wasu wurare. A tsarin da Amurka ta faɗaɗa, ICD-10-CM, ana ƙara tambayar ko akwai toshewar hanyar ɗaci, K80.00 idan babu, K80.01 idan akwai, shi ya sa ya kyautu jimlar ta faɗi hakan tun daga farko.

Da ma a ce an sallame ta likita yana cewa “mai yiwuwa kumburin madaciya ne”, da ƙa'idar ta dogara da tsarin da ake bi. A na Hukumar Lafiya ta Duniya, babbar lalurar da ta tsaya a zato har ƙarshen jinya, babu wani ƙarin bayani, ana sa mata lamba kamar an tabbatar. A Amurka haka ake yi wa wanda aka kwantar, amma wanda aka duba ya koma gida a ranar, alamominsa ake ba lamba, a bar zaton. Abin da ya rataya a wuyan mai tsara jimla shi ne ya bar “mai yiwuwa” inda yake. Kada ya goge shi don jimla ta yi kyan gani.

Sauran lalurorin ba dukkansu ke shiga ba, sai waɗanda aka yi wa wani abu a wannan kwanciya: an bincika su, ko an ba su magani, ko an sa musu ido, ko sun tsawaita zama. Ciwon sukarinta ya cika sharaɗi, tunda an riƙa auna shi ana kuma yi mata allurar insulin a kwanakin tiyata. Amma “ciwon sukari” haka kawai ya yi gajarta. Wane nau'i? Ya taɓa ƙoda ko ido ko jijiya? Metfomin yana nuni ga nau'i na biyu, sai dai nuni ba rubutu ba ne, kuma insulin na ƴan kwanaki ba ya mayar da shi nau'i na ɗaya. Idan likita bai faɗi nau'i ba, kundin Hukumar yana jefa shi rukunin E14, na wanda ba a fayyace ba. Idan ya ce nau'i na biyu ne babu wata illa, E11.9 ke nan.

Kalmar nan guda, “shanyewa”, ta fi kowace haɗari a fayil ɗin. Tana iya nufin shanyewar ɓarin jiki da ke faruwa yanzu, I64. Tana iya nufin ya faru shekarun baya ya bar rauni a hannu ko harshe, rukunin I69. Tana iya nufin ya faru ya wuce bai bar komai ba, Z86.7, wato tarihi kawai. Na taɓa ganin fayil da irin wannan kalma ta bi majiyyaci ana kwafe ta daga takarda zuwa takarda, har lissafi ya nuna kamar ya shanye sau uku a shekara guda, alhali sau ɗaya ne tun da daɗewa.

Sai batun jini, inda hannu ya fi ƙaiƙayi. Himogulobin ya faɗi daga 12.1 zuwa 7.8 bayan fiɗa, an ƙara leda biyu, kowa ya san me ke nan. Amma a fayil babu inda aka rubuta ƙarancin jini. Lamba ce kawai da ƴar kibiya mai kallon ƙasa. Abin yi shi ne a tura wa likita tambaya a rubuce, kuma yadda aka yi tambayar yana da ƙa'ida. Ba a cewa, “Likita, a rubuta ƙarancin jini sakamakon zubar jini don lamba ta fita.” Wannan sa masa magana ne a baki, kuma masu binciken fayil suna ɗaukarsa laifi, musamman inda kuɗin da inshora za ta biya ya dogara da lambar. Sai dai a ce: “Ranka ya daɗe, himogulobin ya sauka daga 12.1 zuwa 7.8 a kwana na uku, an ƙara jini leda biyu. Ko akwai lalurar da aka yi wa wannan magani? Idan akwai, a ambace ta da sanadinta. Idan ba a iya tantancewa ba, a faɗi haka.” Amsar tana sauya lamba: ƙarancin jini na farat ɗaya sakamakon zubar jini D62 ne, ƙarancin jini da ba a faɗi irinsa ba D64.9. Kuma likitan ne zai shigar da amsar cikin fayil, da kwanan wata da sa hannu, ba a baki a kan hanya ba.

Aikin tiyata yana da nasa tsarin, domin ICD-10 na Hukumar ba shi da lambobin aiki. Birtaniya tana amfani da OPCS-4, Amurka kuma ICD-10-PCS tun 1 ga Oktoba 2015, wanda kowace lambarsa gurbi bakwai ce. Duba wadda ta dace da matar nan, sai ka ga abin da jimla ya kamata ta ƙunsa:

```
0FT40ZZ
```

0 na farko sashen tiyata ne, F tsarin hanta da hanyoyin ɗaci da gaɓar da ke samar da insulin, T cire gaɓa ɗungurungum, 4 madaciya, 0 na biyu buɗe ciki, Z biyu kuma na nufin ba a bar wata na'ura a jiki ba, babu kuma ƙarin bayani. Da wani yanki aka yanko, B ce za ta zauna a gurbin T. Da ta ƙananan huduna da kyamara aka gama aikin, gurbi na biyar 4 zai zama.

Wannan gurbi na biyar ne ya sa ba a yarda da kan rahoton tiyata, sai an karanta cikinsa. Kan rahoton matar nan ya ce tiyatar kyamara, saboda ita aka shirya yi. A sakin layi na uku ne likita ya ce ya tarar da kayan ciki sun manne wa madaciyar, ya ajiye kyamara ya buɗe ciki. Ƙa'idar ICD-10-PCS ta ce a irin wannan a sa lambar aikin da aka kammala a buɗe, sannan a ƙara ta dubawar da aka yi da kyamara, 0FJ44ZZ.

Bayan likita ya amsa tambayoyi uku, na sukari da na shanyewa da na jini, takardar ta koma haka. Babbar lalura: tsakuwar madaciya tare da sabon kumburin madaciya, babu toshewa. Sauran lalurori: ƙarancin jini na farat ɗaya sakamakon zubar jini a tiyata, ya bayyana bayan kwanciya, ciwon sukari nau'i na biyu, babu illa, tarihin shanyewar ɓarin jiki, bai bar rauni ba. Ayyuka: cire madaciya gaba ɗaya ta buɗe ciki, bayan an fara da kyamara aka sauya saboda mannewa, a kwana na biyu, ƙarin jini leda biyu a kwana na uku.