Ɗumame Ba Ya Kashe Gubar Shinkafar da Ta Kwana

Iyaye mata, a duk lokacin zafi, musamman washegarin biki ko suna, ana kawo mana yara asibiti suna ta kwara amai, wani lokaci uku ko huɗu daga gida ɗaya. Idan muka tambayi abin da suka karya da shi, sai a ce shinkafar jiya ce, a kuma ƙara da cewa, "Ai sai da na ɗumama ta sosai." Wannan magana ita ce ta fi damuna, domin da ita ake kwantar da hankali alhali ɗumamen bai gyara komai ba.

Ɗanyar shinkafa tana zuwa daga gona da ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda take lulluɓe kanta ta yadda tafasa ba ya kashe ta. Da zarar an sauke tukunya abinci ya fara hucewa, zafinsa ya sauko ƙasa da digiri 60, sai ta farfaɗo ta hayayyafa, ta zuba guba a cikin shinkafar. Gubar nan wuta ba ta lalata ta, ko an soya ko an turara, kuma sau da yawa shinkafar ba ta yin wari ko yauƙi, don haka shinshinawa da ɗanɗanawa ba hujja ba ne. Amai yakan fara bayan minti 30 zuwa awa 6 da ci.

Na san babu uwar da take son zubar da abinci a wannan tsada, kuma ban ga laifinku a kan haka ba. Amma don Allah ku daina barin dafa-duka da tuwon shinkafa su kwana a tukunya ko a kula. Kula ma ta fi muni, domin tana riƙe abinci da ɗumi-ɗumi har asuba, irin yanayin da ƙwayar ta fi so. Sau nawa za mu faɗa?

Ku dafa daidai abin da gida zai cinye, rarar kuwa a rabar da ita tun da zafinta. Mai firji da tsayayyiyar wuta ta baza shinkafar a faranti mai faɗi ta huce, ta sa a firji cikin awa ɗaya, a ci washegari, a ɗumama sau ɗaya kawai har ta yi tururi. Wadda ta kwana a waje a zubar.

Idan amai ya kama yaro, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Yawanci yakan lafa cikin awa 24. In kuwa ya kasa riƙe ruwa, ko fitsari ya ɗauke, ko idanu suka faɗa, ko ya galabaita, ku kawo shi nan take, kada ku jira gari ya waye.