Ma'anar "Daga Hagu Zuwa Dama" a Bayanin Hoton Taro

Idan jarida ko kalandar wata ƙungiya ta buga hoton jama'a, akan rubuta a ƙarƙashinsa "daga hagu zuwa dama", ko "L-R" a jaridun Turanci, sannan a jero sunaye. Hagun da ake nufi shi ne na mai kallon hoton, ba na waɗanda aka ɗauka ba, domin su suna fuskantarka ne, hagunka kuwa damarsu ce. Idan mutanen sun yi sahu fiye da ɗaya, sai a ƙara "a zaune" da "a tsaye", ko "sahun gaba" da "sahun baya", kuma kowane sahu daga hagu ake sake fara ƙirga shi.

Kafin a ɗora wa kowace fuska suna, ya kamata a ƙidaya kawunan kowane sahu, a gwada da yawan sunayensa. A ɗauka hoton wata ƙungiyar 'yan kasuwa ne a Kasuwar Barci da ke Kaduna, mutum 5 a zaune, 6 a tsaye. A layin na zaune an ga kamar sunaye 6 ne, amma da aka duba sosai sai aka tarar "Sarkin Dillalai" da ya biyo bayan suna na uku sarautar mai sunan ce, waƙafi ne ya raba su har ta yi kama da wani mutum dabam. Wannan ruɗani ya yawaita a wurinmu saboda yawan laƙabi, shi ya sa na fi son a sa muƙami cikin baka biyu.

Sahun tsaye ya fi wuya, domin fuskoki 6 ne, sunaye kuma 5. A nan sai a nemi wanda ba a shakkarsa a kafa ƙirga da shi. Mace ɗaya ce a sahun, ita ce ta huɗu daga hagu, alhali sunan da ya fara da "Hajiya" na uku ne a rubuce. Ke nan sunan da ya ɓace na ɗaya daga cikin maza ukun da suka gabace ta ne, wataƙila mai farar hular da kafaɗar wani ta kāre masa rabin fuska. Sunaye biyun da ke bayan nata sun dace da fuskoki biyun ƙarshe, amma ukun farko sai an tambayi wanda ya halarci taron, domin zato a nan yana iya ba mutum sunan maƙwabcinsa.

Akwai kuma hoton da ya juye, kamar yadda kyamarar gaba ta wasu wayoyi kan yi. Ana gane shi idan rubutun allo ko na ƙyallen da ke bayan mutanen ya fito a birkice, kuma in haka ta faru, alhali da tsayuwarsu ta ainihi aka rubuta sunayen, to daga dama za a karanta kowane sahu.