Ma'anar "tammat" a tsohon rubutun hannu, da amfaninta ga mai binciken tarihin Kano

Duk wanda ya yi zaure ya san tammat. Kalmar Larabci ce mai nufin "ta cika", kuma da ita marubuci ke rufe littafi: tammat bi hamdillahi. A wurin masu nazarin tsofaffin takardu, abin lura shi ne layukan da ke biye da ita, inda mai kwafi kan faɗi sunansa, wani lokaci da sunan wanda ya sa shi aikin, da ranar da ya ajiye alƙalami. Ɗalibin da aka ba aikin rubutu a kan daular Kano ta zamanin Yaji ko Rumfa, daga wannan shafi na ƙarshe ya kamata ya fara karatu.

Dalili kuwa, kowace takarda tana da lokuta uku: lokacin da abin ya faru, lokacin da aka wallafa labarin, da lokacin da aka kwafi wadda ke hannunka. Tammat galibi na ukun take faɗa. Na sha ganin ɗalibi ya haɗe su wuri guda, don kawai ya ga takarda ta yi ja, gara ta ci gefenta, ya ɗauka mai rubutun ganau ne.

Ga misali. Littafin tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908 ya ce Wangarawa sun zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. To amma jerin sarakunan littafin ya gangaro har kan Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Ke nan a siffarsa ta yanzu aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne, kimanin shekara 500 bayan Yaji, ko da marubucin ya ɗebo daga tsofaffin jeri da kirari da waƙoƙin fada. Su kansu shekarun 1349 da 1385 ba sa cikin Larabcin. Littafin tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer ya yi ta ɗebewa yana komawa baya. In mai kwafi ya yi kuskure a mulkin sarki ɗaya, duk waɗanda suka gabace shi sun goce.

Akwai kuma wata takarda, Asalul Wangariyyin, wadda Muhammad Al-Hajj ya buga a 1968. Tana ɗauke da shekarar 1061 ta Hijira, kuma ta ce Shehu Abdurrahman Zaite da jama'arsa sun iso Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wato tsakanin 1463 da 1499. Ta fi kusa da abin da take ba da labari, da tazarar da ba ta kai shekara 200 ba. Sai dai tarihin zuriya ne, an rubuta shi don a nuna darajar gidan, wannan ma abin sa wa ido ne. A ganina ɗalibi kada ya zaɓi ɗaya ya ɓoye ɗaya. Ya kawo su duka, ya faɗi shekarun kowacce da nisanta daga abin da ya faru, sannan ya ce ga inda ya karkata, ga hujjarsa. Mai yiwuwa ma zuwan ba sau ɗaya ba ne.

Karanta shekarar ma sai da kula. Don mayar da Hijira zuwa Miladiyya, a ninka da 0.97 a ƙara 622: 1061 za ta ba da wajen 1651. Sau da yawa kuma ba lamba za ka gani ba, ramzi ne, haruffa a madadin lambobi. Malamanmu lissafin Magariba suke bi, inda shinun yake 1000, alhali a lissafin Gabas 300 ne. Shinun da ra da lam da ba, 1000 da 200 da 30 da 2, sun ba da 1232. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas zai sami 532, ya yi kuskuren shekara 700 cif.

In babu tammat, ko shafin ƙarshe ya ɓace (yakan faru, tunda littattafanmu warwara ne a cikin gafaka, ba ɗinki), a ɗaga takardar a hasken rana. Tambarin jinjirin wata uku a jikinta alama ce ta takardar Italiya da ta cika kasuwanninmu a ƙarni na 19. Wannan yana nuna zamanin kwafin ne kawai, bai ce komai a kan lokacin wallafa ba. A cikin aikin kuma a rubuta inda takardar take, Arewa House ce a Kaduna ko hannun wani gida, da lambarta da shafin, a kuma faɗa ko Larabcin aka karanta ko fassarar Palmer.