Tabarau: alamar UV400 da ingancin gilashi

Tabarau na rana aikinsa na farko shi ne tare hasken ultrabayolet, wani haske ne da ke cikin rana wanda ido ba ya ganinsa amma yana cin ido a hankali, shekara da shekaru, yana cikin abubuwan da ke saurin kawo yanar ido da kuma naman nan da ke tsirowa a farin ido ya doshi baƙin. Ana auna tsawon zangon haske da wani ɗan ƙaramin ma'auni mai suna nanomita, na ultrabayolet, wato UV, yana tsayawa ne a nanomita 400, shi ya sa za ka ga an rubuta UV400 a jikin gilashin ko a hannun firam ɗin, ma'ana yana tare hasken har zuwa wannan iyakar.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne duhu. Duhun gilashi daban, kariya daban. In ka sa baƙin tabarau ƙwayar idonka buɗewa take yi saboda ta ji an shiga inuwa, to in gilashin ba shi da kariya ka ga ka wangale wa hasken ƙofa kenan, ya shiga fiye da in ba ka sa komai ba, don da ido tsirara ai ko ba komai za ka runtse. Wannan ne ya fi damuna da tabarau na yara, wanda ake saya don kyan kala kawai. Lambar nan 0 zuwa 4 da ake bugawa duhu take aunawa, 3 ita ce ta rana mai ƙarfi, 4 kuma ta yi duhun da ba a tuƙi da ita. Tsada ma ba hujja ba ce, kuma sitika kowa na iya mannawa, in kana shakka masu haɗa tabarau da yawa suna da na'urar da ke gwadawa nan take.

Ingancin gilashin kuwa da kanka za ka duba. Riƙe tabarau ɗin ka miƙe hannu, rufe ido ɗaya, ka kalli abu mai miƙaƙƙen layi ta ciki kamar gefen ƙofa, sai ka motsa shi sama da ƙasa, hagu da dama. In layin ya tsaya cak, lafiya lau. In yana lanƙwasa yana rawa, ajiye shi, ciwon kai zai sa maka.

Tabarau na karatu ma haka za ka duba shi. Wajen shekara 40 ido ke fara kasa ganin na kusa, mutum ya riƙa nesanta waya kafin ya karanta saƙo. Ƙarfin tabarau na karatu na farawa daga wajen +1.00 yana hawa. Riƙe takarda kamar santimita 40 daga fuska, ka fara da ƙaramar lamba, in +1.50 ta fito da rubutun tas kar ka haura +2.50 don ta fi girmama harafi, za ta iya sa ka riƙa matso da takardar kusa da fuska. Na kanti dai ƙarfi ɗaya ne a ido biyu, wanda idanunsa ba su zo daidai ba, ko yake ganin rubutu biyu-biyu, sai an auna shi an haɗa masa nasa.